Gurbi Uku da Tambaya Ɗaya: Yadda Ake Lissafa Zakkar Kuɗin Ajiya

Da zarar Muharram ya kama, ko azumi ya gabato, tambaya ɗaya ce ke yawo a ƙofar masallaci da cikin wayoyin mutane: "Nawa ne nisabi bana?" Mai tambaya ba ya cewa kashi nawa ake fitarwa, domin wannan ya san shi tun yana makarantar allo, ɗaya cikin arba'in ne, jiya da yau da gobe. Abin da ya shige masa duhu shi ne adadin da kuɗi za su kai kafin zakka ta hau kansu, kuma yana da gaskiya da ya sake tambaya kowace shekara, tunda wannan adadi yana bin farashin zinare, zinare kuwa ba ya zama wuri ɗaya.

Wannan bambanci tsakanin abin da ke motsi da abin da ke tsaye shi ne ginshiƙin lissafin zakka a kwamfuta. Wanda ya buɗe Excel ko Google Sheets, a kwamfuta ko a wayar hannu, zai ga shafi an tsaga shi gurbi-gurbi, kowane gurbi da sunansa na harafi da lamba, kamar B3 ko B4. Duk aikin bai wuce a ba nisabi gurbinsa, a ba kason zakka nasa, a ba kuɗin ajiya nasu, sannan a sa na'ura ta yi tambaya guda: kuɗin nan sun kai nisabi ko ba su kai ba?

Mu fara da nisabi. A shari'a nisabin zinare dinari 20 ne, na azurfa dirhami 200. Da malaman zamani suka auna dinarin shari'a sun same shi wajen giram 4.25, saboda haka dinari 20 ya kama giram 85, dirhami 200 kuma giram 595. Akwai waɗanda ke amfani da giram 87.48 na zinare da 612.36 na azurfa, musamman malaman Indiya da Pakistan, amma 85 ya fi yawo a wajenmu. Kuɗin takarda ana ƙiyasta su ne a kan ɗayan waɗannan biyu. Shi ya sa sanarwar da hukumomin zakka da ƙungiyoyin addini ke fitarwa a Najeriya takan zo da alƙaluma uku tare: mafi ƙarancin sadaki, nisabin zakka, da diyyar rai. Duka ukun daga dinari ɗaya aka ciro su. Sadaki rubu'in dinari ne, nisabi dinari 20, diyya dinari 1,000. Idan aka turo maka sanarwa a waya kana shakkar ingancinta, ninka sadakin sau 80, ya kamata ya ba ka nisabi. Ninka nisabin sau 50, ya kamata ya ba ka diyya. In lissafin bai hau ba, to wani ya taɓa alƙaluman a hanya, ko an haɗa na wannan wata da na wancan.

Yanzu mu ƙaddara wata Hajiya ce, bazawara, ɗanta yake yi mata lissafi a wayarsa. Farashin da zan sa duk na misali ne, ranar da za ka yi naka sai ka nemi na ranar. A ce giram ɗaya na tsantsar zinare naira 150,000 ne. Tana da naira 9,400,000 a banki, da 600,000 tsaba a ɗaki, da 350,000 a asusun waya, da dala 2,000 da ta ajiye, waɗanda in aka canza a kan 1,500 suka zama naira 3,000,000. Ana kuma bin ta bashin 400,000 wanda lokacin biyansa ya yi. Ɗan sai ya rubuta sunan kowane abu a layin A, adadinsa a layin B, kamar haka:

```
B1   150000
B2   85
B3   =B1*B2
B4   2.5%
B6   9400000
B7   600000
B8   350000
B9   3000000
B10  400000
B11  =SUM(B6:B9)-B10
B12  =IF(B11>=B3,B11*B4,0)
```

B3 shi ne gurbin nisabi, zai nuna 12,750,000. B4 gurbin kaso ne. B11 kuwa abin da ya rage mata bayan an cire bashi, wato 12,950,000. Layin ƙarshe shi ne mai yanke hukunci, kuma sassa uku ne da shi, waƙafi ya raba su. Na farko tambaya ce: abin da ke B11 ya kai abin da ke B3 ko ya wuce shi? Na biyu abin da za a yi in amsar i ce, a ninka kuɗin da kason zakka. Na uku abin da za a rubuta in amsar a'a ce, wato sifili. A nan kuɗin Hajiya sun ɗara nisabi da 200,000, don haka B12 zai nuna 323,750. 'Yan'uwa na Nijar da ke aiki da Excel na Faransanci za su ga sunan aikin ya zama SI, waƙafin kuma ya zama mai ɗigo a sama, amma ma'anar ba ta sauya ba, ko da sefa ake lissafin:

```
=SI(B11>=B3;B11*B4;0)
```

Ana iya tambaya, me ya hana a zuba komai a layi ɗaya, a rubuta 12750000 da 0.025 a cikin fomular a huta? A bana dai amsa ɗaya za su bayar. Baɗi ne abin zai ɓaci. Lambar da aka binne cikin fomula ba a ganinta a fuskar shafi, sai an taɓa gurbin an leƙa. Shekara za ta zagayo, mutum ya buɗe tsohon shafinsa, ya sabunta kuɗin banki, ya karɓi amsa, bai san cewa da nisabin bara aka auna shi ba. Daidai yake da wanda ya tafi kasuwa sayen gero da farashin mudun bara a kansa. A misalinmu, da zinare zai tashi zuwa 155,000, nisabi ya koma 13,175,000, Hajiya ta faɗo ƙasa da shi, zakka ba ta hau kanta ba. Da kuma zai sauko, wanda tsohon shafi ya ce masa babu komai a kansa yana iya zama mai riƙe da haƙƙin talakawa bai sani ba. Saboda haka nake ganin wajibi ne a rubuta kwanan wata a gefen gurbin nisabi, a C3, tare da inda aka samo farashin. Duk wanda ya buɗe shafin, idonsa zai fara sauka a kan wannan kwanan wata.

Kason zakka kuwa ba ya sauyawa, amma shi ma ya cancanci gurbinsa, don a riƙa ganinsa ƙuru-ƙuru. Kuskure a nan yana da sauƙin aukuwa. In aka rubuta 2.5 ba alamar kashi cikin ɗari, shafin zai ce Hajiya ta fitar da 32,375,000, fiye da duk abin da ta mallaka, kowa zai gane an yi ɓarna. Wanda ya fi haɗari shi ne a rubuta 0.25 maimakon 0.025, amsa ta fito 3,237,500. Wannan adadi bai yi girman da zai sa a yi tsalle ba, mai tsoron Allah da bai saba da lissafi ba yana iya runtse ido ya biya. Maganinsa tsohon lissafin da iyayenmu ke yi da ka: raba kuɗin gida arba'in, ɗauki ɗaya. Naira 25 a kowace dubu, naira 25,000 a kowace miliyan. Miliyan goma sha uku ba kaɗan dole zakkarta ta faɗa kusa da dubu ɗari uku da ashirin da wani abu. Duk amsar da ta yi nisa da nan, a koma a duba B4.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne sashe na biyu na fomular, wato B11*B4. Mutane da yawa, musamman waɗanda suka saba da lissafin harajin albashi, hannunsu yakan kai su ga rubuta wannan:

```
=IF(B11>=B3,(B11-B3)*B4,0)
```

A haraji an saba a yafe wa mutum wani kaso na farko, a caje shi a kan abin da ya haura. Sai a ɗauka nisabi ma haka yake, a cire shi tukuna, a fitar da zakkar ragowar. Ba haka hukuncin yake ba. Nisabi alama ce da ke nuna mutum ya shiga sahun mawadata, da zarar ya kai ta, zakka ta hau dukkan kuɗin tun daga nairar farko. Littattafan da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, sun bayyana cewa dinari 20 rabin dinari ake fitar masa, abin da ya ƙaru a kai kuma a fitar gwargwadonsa komai ƙanƙantarsa. Rabin dinari shi ne ɗaya cikin arba'in na ashirin ɗin gaba ɗaya. Da ana cire nisabi tukuna, da mai dinari 20 cif bai fitar da komai ba. Dubi abin da wannan kuskure zai yi a lissafin Hajiya: 200,000 kawai za a ninka da kason, amsa ta fito 5,000. Tsakanin 5,000 da 323,750 akwai naira 318,750, kuɗin da zai iya zama jarin wata mai ƙosai ko biyan bashin wani magidanci, kuma baka biyu da alamar ragi ɗaya ne suka cinye shi. Na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, domin a wajenta fomular lafiya lau take.

Wannan misali na dinari 20 cif shi ne kuma dalilin da ya sa aka rubuta >= ba > kaɗai ba. Wanda kuɗinsa suka yi daidai da nisabi, ba ƙari ba ragi, zakka ta wajaba a kansa. In aka bar alamar daidai a baya, shafin zai sallame shi. Da wuya a samu wanda kuɗinsa za su zauna a kan nisabi daram, amma gwajin yana da amfani. Kafin ka yarda da shafinka, jarraba shi da adadi uku: wanda ya gaza nisabi da naira ɗaya, wanda ya yi daidai da shi, da wanda ya ɗara shi. Na farko ya ba da sifili, na biyu ya ba da 318,750, na uku ya ɗan fi haka. In ya ci wannan jarrabawa, ƙashin bayansa ya tsaya.

Akwai wata ɓarna da ke shigowa ta hanyar rubutu, ita ce ta fi ba ni tsoro domin ba ta da hayaniya. Ɗan Hajiya ya tambaye ta: "Umma, nawa ne a ɗaki?" Ta ce: "Dubu ɗari shida ne, ɗan nan." Sai ya rubuta N600,000 a B7, da harafin N a gaba, yadda aka saba rubutawa a rasit. Excel ba ya ɗaukar wannan a matsayin lamba, kalma yake ganinsa, SUM kuwa tsallake kalmomi yake yi ba tare da ya ce uffan ba. Jimilla ta koma 12,350,000, ta faɗi ƙasa da nisabi, B12 ya nuna sifili. Ɗa ya ɗago kai ya ce: "Umma, bana ba ki da zakka." Haka kuma in aka kwafo nisabi daga sanarwar waya aka manna shi kai tsaye a B3 da harafin naira a jikinsa. A ƙa'idar Excel, in aka gwada kalma da lamba, kalma ce babba kullum, don haka ko biliyan mutum ya mallaka, tambayar za ta ce bai kai nisabi ba. In kuma aka bar B3 fayau ba komai, sai a ɗauke shi sifili, mai naira dubu biyu ma a ce ya fitar da zakka.

Gane wannan ba wuya. Lamba takan jingina da gefen dama na gurbi, kalma takan jingina da hagu, sai fa in an sauya tsarin da hannu. Duk adadin da ka gani ya maƙale a hagu, ka zarge shi. Ana kuma iya sa wa shafin mai gadi, a sa shi ya ƙirga lambobin da ke cikin gurabe bakwai da lissafin ya dogara a kansu, in ba su cika ba ya ƙi ba da amsa:

```
=IF(COUNT(B3:B4,B6:B10)<7,"DUBA LAMBOBI",IF(B11>=B3,B11*B4,0))
```

Da wannan, gurbin da ba ka da komai a cikinsa sai ka rubuta masa 0, kada ka bar shi fayau. Gara shafi ya ce a duba lambobi da ya ba da sifilin ƙarya, domin sifili amsa ce mai daɗin ji, ba kowa ne zai tsaya ya tuhume ta ba.

To, ko da lambobi sun shiga daidai, akwai abubuwan da tambayar IF ba ta da labarinsu. Na farko shi ne zagayowar shekara. Kai wa nisabi sharaɗi ɗaya ne, sai kuma kuɗin sun shekara a hannun mai su, shekarar Musulunci mai kwana 354 ko 355. Wanda ya ci gado watan jiya, ko ya sayar da gidansa na zama makon da ya wuce, shafin zai ce masa ya fitar da zakka, alhali a mazhabar Malikiyya irin wannan kuɗi sabuwar shekara ake buɗe masa daga ranar da ya shigo hannu. Ribar kasuwanci ce ke bin shekarar uwar kuɗi. Hanafiyya kuwa suna haɗa abin da ya shigo a tsakiyar shekara da nisabin da ake da shi, a fitar gaba ɗaya ranar da shekarar ta cika, kuma wannan ne sauƙin da malamai da dama ke nuna wa ma'aikacin da ke tara albashi wata-wata: ya tsayar da rana ɗaya a shekara, ya fitar a kan duk abin da ya tarar. Ana iya ƙara gurbi, a ce B5, a rubuta I ko A'A, a haɗa sharuɗɗan biyu da AND, amma mutum ne zai amsa tambayar, shafi karɓa kawai yake yi. Mai bin kalandar Bature kuma ya sani shekararsa ta fi ta Musulunci da wajen kwana 11, a cikin shekara 33 zai tsallake zakkar kusan shekara guda. Shi ya sa kamfanonin da ke rufe lissafinsu a Disamba ake ba su kason 2.577%. Ga mai ajiyar gida, tsayar da rana a watan Musulunci ya fi sauƙi da aminci.

Bashi ma haka yake. Mun cire wa Hajiya 400,000 kai tsaye, amma a Malikiyya in mai bashi yana da wata kadara da ta wuce buƙatarsa, wadda za ta iya biyan bashin, kamar fili ko motar da ba ya buƙata, sai a jingina bashin a kanta, a fitar da zakkar tsabar kuɗin duka. Bashin da mutum yake bin wani na rance kuwa, sai ranar da ya karɓa zai fitar masa da zakkar shekara ɗaya, ko da ya yi shekaru a hannun wancan. Kuɗin ruwa da banki ya ɗora a kan ajiya ba ya shiga B6, domin ba dukiyar da ake tsarkakewa da zakka ba ce, rabuwa ake yi da shi gaba ɗaya. Duk waɗannan hukunce-hukunce ana gama su ne kafin yatsa ya taɓa waya.

Babbar tambayar da ta rage tana cikin B1 da B2: zinare ko azurfa? A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, dinari ɗaya yana daidai da wajen dirhami 10, don haka nisabin biyu kusan abu ɗaya ne. Yau azurfa ta yi arha ƙwarai in aka gwada ta da zinare. A ce giram ɗinta naira 1,800 ne, nisabinta zai kama 1,071,000, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na nisabin zinare a misalinmu. Malamin makaranta da ya tara miliyan uku, in ya sa zinare shafin zai ce sifili, in ya sa azurfa zai ce 75,000. Fomula ɗaya, kuɗi ɗaya, amsa biyu. Masu cewa azurfa suna duba amfanin talaka ne da fita daga shakka. Masu cewa zinare, kamar Shaihu Yusuf al-Ƙardawi a littafinsa na fiƙihun zakka, suna ganin shi ne ya fi riƙe darajarsa tun wancan zamani, kuma ya fi kusa da sauran nisabai irin na awaki 40 da raƙuma 5. Sanarwar da aka saba ji a arewacin Najeriya a kan zinare take. A ganina, wanda kuɗinsa suka faɗa tsakanin nisabin biyu bai kamata ya bar zaɓin ga duk lambar da ta fara zuwa hannunsa ba. Ya lissafa duka biyun, ya ɗauki alƙaluman ya je wurin malamin da ya yarda da iliminsa, abin da aka tsayar masa ya rubuta shi a gefen gurbin, ya dawwama a kai. Abin da bai dace ba shi ne mutum ya riƙa sauya ma'auni kowace shekara yana neman wanda zai ba shi sifili.

Kai da ake miƙa wa waya a gida ana cewa "yi mana lissafi", ka sani amsar da ka karanto ita za a yi aiki da ita, ba wanda zai sake bin sawunka. Kafin ka buɗe baki, duba kwanan watan nisabinka, tabbatar kowane adadi lamba ne, raba jimillar gida arba'in ka gwada da abin da ke B12, sannan ka karanta wa mai kuɗin layi-layi ya ji da kunnensa, har da bashin da aka cire da dalilin cire shi. In amsar sifili ce, ka sake bi tun daga B1 kafin ka faɗa.